Darasi na 7: Bulutut da Wayifai, wanne za a kunna?

Wata Hajiya a ajinmu na yamma da ke Gangare, a nan Jos, ta zo da ƙorafi ranar Litinin. An yi bikin 'yarta, maƙwabciya ta ɗauki bidiyon kamu da wayarta, suka zauna a tsakar gida bayan Magariba don a tura mata. Har aka kira Isha'i turin bai kai rabi ba. Da maƙwabciyar ta leƙa kicin da wayar a hannu don ta duba tukunya, sai ya katse gaba ɗaya.

Ta ce, "Malam, wayar tawa ce ta tsufa, ko data ce ta ƙare?"

Na ce, "Hajiya, da me kuka tura?"

Ta ce, "Da Bulutut mana."

To, a nan gizo ke saƙa. Wayarta lafiya lau take, data kuma ba ta shigo cikin maganar ba sam. Kayan tirela aka ɗora wa baro.

Ku ɗauko wayoyinku. Ku ja allo daga sama zuwa ƙasa da yatsa. Za ku ga alamomi biyu, ɗaya an rubuta `Bluetooth` a ƙarƙashinta, ɗaya `Wi-Fi`. Dukansu rediyo ne ƙanana da ke cikin wayar, suna aika saƙo ta iska ba tare da an jona komai ba. Inda suka rabu shi ne nisan da kowanne ke kaiwa da yawan kayan da yake iya ɗauka.

Mu fara da nisa. Bulutut na yawancin wayoyi da iyafis an yi shi ne don kimanin mita 10, wato taku 13 na babban mutum. Wannan lissafin na fili ne, inda ba abin da ya tare. Bangon bulo ɗaya yana rage shi sosai, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi sun fi bango tarewa. Ruwa ma yana shanye shi, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa idan ka sa waya a aljihun baya kana jin karatu da iyafis, wani lokaci sai muryar ta riƙa tsinkewa. Ka mayar da ita aljihun gaba ka ji bambanci. Abin da ya faru da Hajiya ke nan: daga tabarmarsu zuwa kicin bai kai taku goma ba, amma akwai bango a tsakani.

Wayifai ya fi ƙarfi. Rauta, na'urar da ke raba Wayifai, irin wadda ake jonawa a wuta, takan kai mita 30 ko fiye a gidan da bangonsa ba su da yawa. Ƙaramar rauta ta aljihu da ake kira mifai, da hosfot, wato Wayifai da waya ke buɗe wa wasu, ba su kai haka ba. Shi ma bango yana cin ƙarfinsa, don haka wurin ajiya yana da tasiri. Na sha shiga gidan da aka ajiye mifai a ƙasa, bayan firji, don nan soket yake, sannan ana ta zagin kamfanin layi. A ɗora ta a sama, a tsakiyar gida, inda ba ƙarfe kusa da ita.

Yanzu sauri, kuma a nan za mu ɗan yi lissafi, ku buɗe littattafanku. Girman hoto ko bidiyo ana auna shi da megabait, a allo za ku ga `MB`. Sauri kuma ana auna shi da megabit a daƙiƙa, a rubuce `Mbps`. Sunayen sun yi kama amma ba ɗaya ba ne: megabait ɗaya megabit 8 ne.

Mun duba bidiyon bikin, girmansa megabait 300. A ninka da 8, ya zama megabit 2,400. Bulutut idan komai ya tafi daidai yana tura kimanin megabit 2 a daƙiƙa. A raba 2,400 da 2, an sami daƙiƙa 1,200, wato minti 20. Sau da yawa ba ya ma kai wannan saurin, idan ya sauka zuwa megabit 1 sai a shafe minti 40 ana zaune. Wayifai kuwa tsakanin wayoyi biyu da ke kusa, megabit 40 a daƙiƙa ba abin mamaki ba ne. A raba 2,400 da 40, an sami daƙiƙa 60. Minti ɗaya, kafin shayi ya huce an gama.

Hoto ɗaya mai megabait 3 fa? Megabit 24 ke nan, Bulutut zai kai shi cikin daƙiƙa 12 ko kusa da haka. Ga irin wannan ba sai an wahalar da kai ba.

A ajin muka sa maƙwabciyar, ita ma ɗaliba ce, ta buɗe manhajar `Xender` ta danna `Send`, Hajiya ta buɗe tata ta danna `Receive`. Wayar farko ta buɗe ƙaramin Wayifai nata, ta biyun ta kama. Kafin a yi haka na sa kowace ta kashe datarta, da gangan, don su gani da idonsu. Bidiyon ya shiga duk da haka.

Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ashe Wayifai ba shi ne data ba?"

Ba shi ba ne, kuma wannan ne wurin da mutane suka fi ruɗewa. Wayifai kamar tiyo yake, data ita ce ruwan. Tsakanin waya da waya a ɗaki ɗaya, ruwan na cikin gida ne, ba a biyan kowa. Amma idan ana son shiga intanet, mifai ko wayar da ta buɗe hosfot tana jawo shi ne daga layin da ke cikinta, kuma datar wannan layin ce ke ƙarewa. Ga yadda ake gane matsala. Idan alamar Wayifai ta cika amma saƙo ya ƙi tafiya, ka duba datar layin ko sabis, matsowa kusa ba zai yi magani ba. Idan alamar ta rage sanda ɗaya, nisa ne ko bango, sai a matso.

Wasu rautoci suna nuna suna biyu, ɗaya da `5G` a ƙarshensa. Wannan ba shi ne 5G ɗin da kamfanonin layi ke talla ba. Zango ne na biyu na Wayifai, ya fi sauri amma bai iya ratsa bango kamar na farko. A falo kusa da rauta a kama shi, a uwar ɗaka a koma ɗayan.

Kada wani ya raina Bulutut saboda lissafin nan. Sauti ba kaya mai nauyi ba ne, kuma Bulutut ba ya cin caji kamar hosfot, wanda ke zuƙe batir har wayar ta yi zafi a hannu. Ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka iyafis, sifikar da ake sa karatu ko labarai da ita, rediyon mota, duk aikinsa ne. Ana haɗa su sau ɗaya: a kunna sifika, a kunna Bulutut a waya, a nemi sunan sifikar a danna `Pair`. Idan ta ƙi fitowa, mafi yawan lokuta tana haɗe ne da wayar wani yaro a gidan, sai ya kashe nasa tukuna. Haka kuma ƙaramar waya mai madannai yawanci Bulutut kaɗai gare ta, to da shi za a tura mata, a yi haƙuri da jira.

Aikin gida: ka haɗa wayarka da sifika, ka bar sifikar a tsakar gida tana magana, ka tafi da wayar kana ƙirga taku har muryar ta fara tsinkewa. Ka rubuta adadin. Ka sake yi, wannan karon ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka rubuta adadi na biyu. Sannan ka lissafa minti nawa Bulutut zai ɗauka ya tura wa'azi mai megabait 60 a saurin megabit 2. A zo da amsoshin ranar Laraba.