Kurakuran da aka fi yi a kan topo'isomares da murɗewar DNA

Kuskuren da ya fi yawo a takardun ɗalibai shi ne wai helikes, enzayim ɗin da ke buɗe DNA lokacin kwafinsa, shi ne ke warware murɗin DNA. Ba haka ba ne fa. Helikes raba zaren biyu kawai yake yi, yana ɓalle haɗin da ke tsakaninsu, amma ba ya yanke ko zare ɗaya, to muddin ba a yanka ba yawan sarƙewar da ke tsakanin zaren biyu na nan daram. Ka samu igiya mai tufka biyu ka ɗaure bakinta a gungume, ka sa yatsa tsakanin tufkar ka yi ta turawa gaba, za ka ga tufkar ta tattaru a gaban yatsanka ta yi tsauri har igiyar ta fara kanannaɗewa a kan kanta. Helikes shi ne yatsan. Topo'isomares kuwa shi ne mai yanka zaren, ya rage murɗin, ya sake liƙewa.

Duk maganar nan lissafi ɗaya ne ke riƙe da ita:

```
Lk = Tw + Wr
```

Lk shi ne sau nawa zare ɗaya ya sarƙe ɗan'uwansa a DNA ɗin da yake rufaffen zobe, Tw yawan tufkar zaren biyu, Wr kuma kanannaɗewar da igiyar gaba ɗayanta ta yi a kan kanta. Tw da Wr suna musanya da juna yadda suka ga dama, amma Lk ba ya motsi sai an yanke zare. Anan ne mutane ke kwafsawa, sai ka ga an rubuta cewa zafi ko gishiri ko helikes ya canza Lk, alhali abin da suka taɓa Tw ne da Wr kawai.

Bari mu ɗau filasmid, wato ƙaramin zoben DNA na bakteriya, mai tubali 4200, ina nufin tagwayen tubalan DNA. Zagaye ɗaya na tufka yana cin kusan tubali 10.5, kenan idan yana sake Lk ɗinsa 400 ne. Amma wanda aka ciro daga E. coli ba ya zuwa a sake, yana zuwa da ragin kusan kashi 6 cikin 100, wato an cire masa 24 ya koma 376. Shi DNA ya fi son ya riƙe Tw ɗinsa a 400, sai ragin ya koma kan Wr ya zama -24, wannan shi ake kira murɗin mainos. Yanzu a ce kwafi ya fara, helikes ya buɗe tubali 420 kuma babu topo'isomares a wurin. Tufka 40 ta tafi, Tw ya sauko 360, Lk na nan a 376 tunda ba a yanka komai ba, to dole Wr ya zama +16. Kun gani ko? Kashi ɗaya cikin goma kacal aka buɗe amma har filasmid ɗin ya tashi daga mainos ya shiga fulos, kuma kowane taku na gaba sai ya fi na baya wuya har abin ya cije.

A nan jaires ke shigowa, wani topo'isomares na bakteriya wanda Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano a 1976. Yana yanke zaren biyu, ya ratsa da wani sashen DNA ta cikin kafar, ya liƙe, kuma duk zagaye ɗaya yana rage Lk da 2 yana ƙona ATP. Zagaye 8 zai mayar da Wr sifili, zagaye 20 zai mayar da shi -24, lokacin Lk ya zama 336. Wanda ya amsa 16 da 40 ya manta ne cewa bibbiyu ake tafiya. Ku kwatanta da ainihin kuromosom ɗin E. coli mai tubali kusan miliyan 4.6, sarƙa sama da 400,000 kenan da dole a cire kaf kafin ƙwayar ta rabu biyu, kuma bakin kwafin, wato wurin da ake buɗe zaren biyu, na gudun kusan tubali 1000 a sakan ɗaya, wato kusan tufka 100 ake turawa gaba duk sakan.

Sai rikicin sunaye, wanda gaskiya ba laifin ɗalibai ba ne duka. Topo'isomares rukuni biyu ne: rukunin farko na yanke zare ɗaya yana canza Lk ɗai-ɗai kuma yawancinsu ba sa buƙatar ATP, rukuni na biyu na yanke zare biyu, bibbiyu, da ATP. Amma lambar da ke jikin suna ba ita ce rukuni ba. Topo III na rukunin farko ne, topo IV na rukuni na biyu ne, jaires ma haka. Kuma kar a ce duk na rukuni na biyu suna saka murɗin mainos, wannan aikin jaires ne. Topo II na jikin mutum sassautawa yake yi da raba sarƙa, mainos ɗin namu yana samuwa ne daga naɗa DNA a jikin furotin ɗin histon da kuma sassautawar da ke biyo baya.

Wani kuskuren kuma shi ne a ɗauka da kwafi ya ƙare shi kenan. Idan bakin kwafin ya juya, wani kason murɗin da ke gaba yana komawa baya ya zama sarƙa tsakanin sabbin DNA biyun, a ƙarshe sai a samu zobe biyu ɗaya cikin ɗaya. Enzayim mai yanke zare ɗaya ba zai raba cikakkun zobba biyu ba sai dai in akwai giɓi a jikin ɗayansu, shi ya sa a E. coli topo IV ne ke ɗauke da wannan aikin.

A ɓangaren kwafin RNA mutane na rubuta fulos kawai su tsaya. Rabin amsa kenan. Leroy Liu da James Wang sun bayyana a 1987 cewa idan RNA folimares bai samu damar juyawa ba, saboda RNA ɗin da yake ja da ribosom ɗin da suka ɗafe a kai, to fulos na taruwa a gabansa mainos kuma a bayansa, daidai wa daida, jimillar Lk ba ta canza ba. Jaires ya kwashe na gaba, topo I ya kwashe na baya. Kar ku juya su don Allah, topo I na E. coli, wanda Wang ɗin ya gano a 1971, mainos kaɗai yake sassautawa saboda yana buƙatar wurin da zaren ya ɗan buɗe kafin ya kama. In ya lalace mainos ya yi yawa a baya, sai sabon RNA ɗin ya koma ya manne da zaren DNA ya tare hanya.

Maganin siprofuloksasin mai kashe bakteriya ma ana yi masa gurguwar fahimta, wai yana hana jaires yanka. Barinsa yake yi ya yanka, lokacin da enzayim ɗin ke riƙe da bakin DNA ta hanyar wani amino asid ɗinsa mai suna tayirosin, sai maganin ya shiga tsakani ya hana a sake liƙewa, enzayim ɗin ya maƙale a kan DNA yankakke ya toshe wa kwafi hanya. Etoposaid haka yake wa topo II na mutum a maganin ciwon daji. Maganin nobobiyosin shi ne mai toshe wurin ATP na jaires, don haka in an tambaye ku wanne ne zai ƙara yawan yankakken DNA a gwaji, siprofuloksasin za ku zaɓa.