Yadda ake lissafin faɗin fili mai karkatattun gefuna

Jama'a, in kuna da lambobin kusurwoyin fili, wato x da y masu nuna inda kowace kusurwa take, ba sai kun yayyanka shi ba. Ku jera su bi da bi kamar kuna zagaya iyakar, sannan ku maimaita ta farko a ƙarshe. Misali a mita: (0,0), (40,0), (50,30), (10,20). Kowace kusurwa da mai bi mata a yi x₁y₂ − x₂y₁, inda x₁ da y₁ lambobin kusurwar ne, x₂ da y₂ kuma na mai bi mata. A misalinmu za a samu 0, sai 1200 − 0, sai 1000 − 300, sai 0. Jimla 1900, a raba biyu, murabba'in mita 950 ke nan. In amsa ta fito da alamar ragi ba komai, zagayen agogo kuka bi, ku jefar da alamar. Amma don Allah kar a tsallake jeri, in layuka suka gitta juna wannan filin 200 ko 50 zai ba ku maimakon 950, ku zana shi a takarda tukuna.