Yadda za a zana isomomin C₄H₈ ba tare da an tsallake ko ɗaya ba

Fomular kwayar sinadari adadin atom kawai take faɗa, ba ta nuna wane atom ke riƙe da wane. Shi ya sa C₄H₁₀ yake ba da sinadari 2: butane mai miƙaƙƙiyar sarƙa, wanda ke tafasa a kusan −0.5°C, da 2-methylpropane mai reshe, wanda ke tafasa a kusan −12°C. Irin waɗannan masu fomula ɗaya amma tsari daban su ake kira isomomi.

A fara da zana kabon zalla, haidirojin sai daga baya. Ga C₄H₈, a jera kabon huɗu, a sa haɗi biyu, wato double bond, tsakanin na 1 da na 2: but-1-ene ke nan. A matsar da shi tsakiya, a sami but-2-ene. In aka ƙara matsarwa gaba, but-1-ene ne aka juyo ta baya. Nan ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe! Sai a rage sarƙar zuwa kabon uku, na huɗun ya zama reshe a tsakiya: 2-methylpropene. Reshe a bakin sarƙa kuwa lanƙwasa ce kawai.

A dakata a kan but-2-ene. Haɗi biyu ba ya barin juyawa, don haka CH₃ biyun ko su zauna gefe ɗaya (cis) ko su yi hannun riga (trans). But-1-ene ba ya yin haka, domin kabon na farko yana ɗauke da haidirojin biyu iri ɗaya.

Alkene 4 ke nan, wato masu haɗi biyu tsakanin kabon da kabon. Idan ba a ce a taƙaita ga alkene ba, a ƙara masu zobe: cyclobutane da methylcyclopropane. Kafin a miƙa aiki, a tabbatar kowane kabon haɗi huɗu gare shi, kuma kowane zane sunansa daban. Suna ɗaya sau biyu alama ce an maimaita.