Mai sayen zoben daimon, a kula da moisanait

Jama'a, in mai shago ya ɗora wa dutsen zobe na'urar gwajin nan mai kamar alƙalami ta yi ƙara, kada ku yi saurin biya. Tsohuwar na'urar zafi kawai take aunawa, moisanait kuwa, wani dutsen ado mai kama da daimon, yana jan zafi kusan kamar daimon, shi ya sa yake tsallake gwajin. Ku ce a kawo wadda ke auna wutar lantarki ma.

In babu, ku karɓi madubin maƙeran zinare mai ƙara girma sau 10. Ku ɗan karkata dutsen ku leƙa ta gefen samansa, ba ta tsakiya ba. A moisanait layukan yankan ƙasa za su fito bibbiyu, domin yana raba haske gida biyu. Na daimon ɗai-ɗai suke, tsaf.

A rana, moisanait ya fi watsa launukan bakan gizo, musamman babban dutse, daimon kuma ya fi farin ƙyalli. Taurin moisanait 9.25 ne a ma'aunin Mohs, daimon 10, ba ya saurin karcewa.

Ni dai ban raina shi ba, ado ne mai kyau. Amma kuɗinsa ko kusa bai kai na daimon ba, in an tashi sayarwa kuma zinaren zoben kawai ake yi wa kuɗin kirki.