Yadda ake rubuta aikin sa kai da shugabancin ƙungiya a takardar neman aiki

Matashi zai gama karatu, ya zauna rubuta takardar tarihin karatu da aiki, wadda sanarwar ɗaukar ma'aikata ke kira CV, sai ya iso gurbin ƙwarewa ya bar shi fayau. Can ƙasa kuma, kusa da abubuwan sha'awa, sai ka ga ya maƙala layi ɗaya: "Ma'ajin ƙungiyar ɗalibai." Shekara guda cur yana riƙe da kuɗin mutane, yana ba da rasit, yana tsayawa gaban taro yana bayanin inda kowane kuɗi ya shiga, amma duk ya dunƙule su a kalma uku. Wannan asara ce, kuma tana damuna, domin mai ɗaukar aiki ba zai san abin da ya ratsa hannunka ba sai ka faɗa masa. Sunan muƙami shi kaɗai ba ya gaya masa komai. Akwai ma'ajin da bai taɓa buɗe littafin lissafi ba, akwai kuma wanda ya gyara asusun ƙungiya kaf, kuma sunan muƙaminsu ɗaya ne.

Bari mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauka wata ɗaliba ce ta riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashensu na shekarar karatu ɗaya, yanzu ta kammala, tana neman aikin mataimakiyar akanta. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kai naka za ka sa.

Fara da sanarwar aikin, kafin ka taɓa takardarka

Karanta sanarwar da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin abubuwa uku ko huɗu da suka fi nanatawa. A tata sanarwar, an ce ana son mai iya adana bayanan kuɗi, mai amfani da Excel, mai iya haɗa rahoto a kan lokaci, kuma mai riƙon amana. Waɗannan huɗun su za su yanke abin da zai shiga takarda da abin da za a bari. Ta kuma taɓa jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo, amma a wannan neman layi ɗaya ya ishe shi. Da aikin hulɗa da jama'a take nema, da shi za a faɗaɗa, a taƙaita na kuɗin.

Tono abin da ka yi da hujjarsa

A nan aikin yake, kuma nan aka fi yin kasala. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Koma kan rubutattun bayanan tarurruka, littafin rasit, saƙonnin zauren WhatsApp na shugabanni, takardar miƙa mulki, har da hotunan taro. Kana dubawa kana amsa tambayoyi huɗu a takarda: yaya na tarar da abin, me na yi da hannuna, mutum nawa ko kaya nawa abin ya shafa, kuma yaya na bar shi?

Da ɗalibar nan ta yi haka, ga abin da ya fito. Ƙungiyar tana da mambobi 240. Lokacin da ta karɓi aiki, mutum 90 ne kawai ke biyan kuɗin ƙungiya, ana rubutawa a wani littafi da shafukansa suka fara zubewa, kuma ba a ba kowa rasit. Ta kwashe sunayen ta zuba a Excel, ta kawo rasit mai lamba, ta sa aka amince cewa ba za a fitar da kuɗi ba sai da sa hannun mutum biyu, sannan duk ƙarshen wata ta riƙa liƙa rahoton shiga da fita inda kowa zai gani. Kafin ta sauka, masu biya sun kai 170. Ita ce kuma ta tsara kasafin taron shekara mai mahalarta kimanin 300, kuma kafin a sayi komai sai ta karɓo farashi daga wuri uku an gwada. Duk wannan tana ɗaukarsa "ɗan taimako" ne kawai, alhali shi ne ainihin aikin da ofishin kuɗi ke biyan albashi a kansa.

Lissafa lokacin ma. Awa 4 a mako har tsawon mako 30 ya ba da awa 120, a ƙara awa 25 na makon taro, ya zama 145. Wannan lissafi yana da amfani, don akwai wuraren da da awa suke auna ƙwarewa. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman ƙwarewar aiki ta shekara 2, wato awa 2,800, kuma yana karɓar aikin sa kai a ciki, sai dai yana da ƙa'ida kan lokacin da aka yi aikin, don haka a karanta sharuɗɗan shekarar da ake nema. Sanarwar ayyukan gwamnatin tarayyar Amurka ma takan faɗa ƙarara cewa ƙwarewa ta haɗa da aikin da aka biya da wanda ba a biya ba.

Rubuta shi da siffar aiki

Kan bayanin ya ɗauki abu huɗu, kamar kowane aiki: muƙaminka na gaskiya, cikakken sunan ƙungiya, wata da shekarar farawa da gamawa, da alamar cewa sa kai ne. Nata zai zama: Ma'aji (zaɓaɓɓiya, aikin sa kai), Ƙungiyar Ɗaliban Sashen Lissafin Kuɗi, Oktoba 2022 zuwa Yuli 2023, kimanin awa 4 a mako. Kalmar "zaɓaɓɓiya" tana da nauyi, domin tana nuna mutane ne suka ba ta amana da ƙuri'arsu.

A ƙarƙashi sai layi uku, ko huɗu in abin ya yi yawa. Kowane layi ya fara da abin da ka aikata, ya faɗi girmansa, ya ƙare da abin da ya haifar. Da farko ta rubuta: "Na kula da harkokin kuɗin ƙungiya kuma na nuna jagoranci nagari." Ba ƙarya ba ce, amma duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin zai iya rubuta ta, kuma wannan ita ce hanyar gane layi mara ƙarfi. Bayan gyara sai ya koma haka:

- Na mayar da bayanan kuɗin mambobi 240 daga littafi zuwa Excel, na kawo rasit mai lamba. Masu biya sun ƙaru daga 90 zuwa 170 cikin wata 10.
- Na gabatar da rahoton shiga da fita kowane wata, na kuma kawo tsarin sa hannun mutum biyu kafin fitar da kuɗi.
- Na tsara kasafin taron shekara mai mahalarta kimanin 300, aka kammala ba tare da an wuce kasafi ba.

Duba ka gani, babu inda ta ce ita mai amana ce, amma layi na biyu ya faɗa a madadinta. Kuma bukatu huɗun nan na sanarwa duk sun samu amsa. Ko da wane harshe za ka rubuta takardar, ginin layin ɗaya ne.

Akwai wata matsala da ke damun masu kunya, kuma na fahimce ta: aikin ƙungiya na taro ne, mutum yana jin nauyin ya ce "na yi". Mafita ita ce a raba. Abin da kwamiti ya yi a ce kwamiti ne, rabonka kuma ka faɗe shi ba tare da rage murya ba: "A kwamitin mutum 6 da ya shirya taron, ni na riƙe kasafi da sayayya." Hakan ya fi "mun shirya taro", wanda ke ɓoye ka, ya kuma fi "na shirya taro", wanda ke cinye haƙƙin mutum biyar.

Idan aikinka ba shi da muƙami fa? Wanda ya shekara yana koyar da yaran unguwa lissafi kyauta ba shi da takardar naɗi, amma yana da aiki. Ya ba shi suna mai bayyana gaskiya, "Mai koyarwa na sa kai", ya faɗi yawan yaran, shekarunsu, sau nawa a mako, da yadda yake gwada ci gabansu. Kada dai ya kira kansa darakta.

Ina za a ajiye shi?

In ba ka taɓa aikin albashi ba, sa shi kai tsaye a gurbin ƙwarewa, a shafin farko, da alamar sa kai a jikinsa. In kana da aikin albashi mai alaƙa da abin da kake nema, shi ne gaba, na sa kai ya samu nasa sashe a ƙasa. Dandalin LinkedIn ma yana da sashe na musamman don wannan. Ƙungiyoyin da sunanka kawai ke cikin rajistarsu, bar su. Jerin ƙungiyoyi takwas ba tare da aiki ko ɗaya ba yana raunana guda ɗayan da ka yi wa wahala.

Inda ake tuntuɓe

Kumbura alƙaluma shi ne na farko. In ba ka da tabbacin adadi, rubuta "kimanin", ka ɗauki na ƙasa. Mai tambaya a zaman ganawa yana iya cewa, "To su 70 ɗin da suka ƙi biya fa, me kika yi da su?" Wadda ta yi aikin za ta amsa nan take, har da sunan ajin da ya ci tura. Wanda ya ƙirƙira kuwa sai inda-inda, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, ƙungiyoyin siyasa, na addini ko na ƙabila. Aikin da ka yi a cikinsu ƙwarewa ce ta gaske, amma sunan yana bayyana wani abu game da kai da wataƙila ba ka so ya shiga hukuncin baƙo. Zaɓi naka ne. Kana iya rubuta "ƙungiyar ɗalibai mai mambobi 500" ka bayyana aikin, in an tambayi sunan ka faɗa. Haka kuma in ka yi aiki da marayu, marasa lafiya ko 'yan gudun hijira, kada sunan kowa ko labarin da za a gane shi ya shiga takardarka.

Na uku, sanin iyaka. In sanarwa ta ce sai mai lasisin sana'a, ko mai shekara 5 a binciken asusun kamfani, riƙon ma'ajin ƙungiya ba zai cike gurbin ba. Ƙarfinsa yana ga ayyukan matakin farko, horon sababbin ma'aikata da tallafin karatu.

Nemi mai shaida tun da wuri

Kowane aiki da ka ba muhimmanci ya kasance akwai wanda zai tsaya masa. Malamin da ke kula da ƙungiya ko jami'in da ya sa ido a aikin sa kai ya fi abokinka da kuka yi shugabanci tare. Nemi izininsa kafin ka sa sunansa, ka tura masa layukan da ka rubuta da sanarwar aikin, ka tambaye shi ko akwai abin da bai yarda da shi ba. In ya ce masu biya 160 ne ba 170 ba, koma ga rasit, abin da ya nuna shi za ka rubuta. In kuma har yanzu kana kan muƙamin, karɓi wasiƙar shaida mai kwanan wata da sa hannu kafin ka sauka, ka ajiye kwafin rahotanninka, domin shugabannin ɗalibai suna sauyawa duk shekara, kuma waɗanda za su zo bayan shekara biyu ba lallai su san ka ba.