Yadda Na Gane Masu Saye Daga Masu "Zan Saya"

Sau ɗaya aka taɓa yi mini, na sha alwashin ba za a ƙara ba. Na tambayi 'yan'uwa da abokai ko za su sayi wata jakar baya mai aljihun kwamfuta, kowa ya ce "ai ni ne na farko". Na fasa asusuna na saro guda 60. Wata huɗu, tara kawai suka fita, uku ma bashi ne. Ashe kunyata suke ji, kuma cewa "zan saya" ba ya cin ko sisi.

Da na sake ganin wata jakar, sai na sayi guda ɗaya tak a matsayin samfuri, na lissafa farashinta har da kuɗin dako da riba. Kafin in nuna wa kowa na rubuta sharaɗi a takarda, don kada zuciya ta yaudare ni daga baya: in mutum 15 ba su ba da kafin alƙalami cikin mako biyu ba, na haƙura. Kafin alƙalamin kashi ɗaya cikin huɗu na farashi ne, kuma in kaya ba su iso ranar da na faɗa ba, kowa ya karɓi abinsa cif.

Wannan karon baƙi na nema, ba dangi ba. Mutum 40 suka taɓa jakar, suka zuge zif, suka yaba. Da aka zo maganar kuɗi, sai "bari in yi shawara". Shida suka biya. Na bi waɗanda suka zame ina tambayar dalili, yawancinsu suka ce ta yi girma.

Na mayar wa shidan kuɗinsu, na nemo ƙarama, na sake gwadawa da farashi na gaskiya, ba ragi, domin ragi kan jawo masu son banza. Mutum 17 suka biya. Na saro 20.