Wasan Farautar Sautin Haruffa a Aji Ɗaya: Inda Ake Yawan Kuskure da Yadda Ake Gyarawa

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Malama ta ɓoye ƙananan kaya a cikin aji, ta faɗi sauti guda, yara su nemo abin da sunansa ya fara da wannan sautin, su ajiye shi kusa da katin harafin. Amma sau da yawa akan tashi daga wasan yara sun yi guje-guje sun sha dariya, in aka nuna musu harafin washegari sai su yi shiru. Dalili kuwa yawanci shi ne an shirya wasan ta yadda yaro zai iya cin nasara ba tare da ya saurari sautin ba.

Kuskure na farko daga bakin mai koyarwa yake fitowa. Ana son a ce "mmm", sai a ce "ma". Ana son "sss", sai a ce "sa". Yaron da aka ce wa ya nemo abin da ya fara da "ma" zai ɗauko madubi, ya wuce murfi ya bar shi, kuma yana da gaskiya, domin murfi da "mu" ya fara. Abin da aka ba shi gaɓa ce, alhali baƙin kaɗai ake nufi. Gyaran shi ne a fara da baƙaƙen da ake iya ja, irin su m da s da n, a rufe leɓe a ja "mmm" na daƙiƙa biyu, sannan a saki kalmar: mmm-urfi, mmm-ota. Irin su b da t da k ba sa jawuwa, sai a bar su zuwa gaba, in an zo kansu a faɗe su a guntule. A tabbata kuma kayan da aka ɓoye suna da wasula daban-daban bayan baƙin. In duka madubi, makulli, maɓalli ne, ba za a taɓa gane ko "m" yaro yake ji ko "ma" ba.

Sai zaɓen kaya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Akwai kalmomin da a rubuce suke farawa da harafi, amma a kunne wani sautin ne daban. Tsintsiya ba ta shiga farautar "t", shebur ba ya shiga ta "s", domin ts da sh kowanne sauti ne mai zaman kansa duk da haruffa biyu ake rubutawa. Kwali da kyandir ma a ajiye su gefe ranar "k", a tsaya a kan kofi da kujera. Ƙofa kuwa ba ta da alaƙa da "k" sam, kamar yadda ɓawo ba na "b" ba ne, ɗinki ba na "d" ba ne. Wasu sukan haɗa k da ƙ a farauta ɗaya tun makon farko, wai don yara su bambance. Wannan yana da lokacinsa, amma sai kowanne ya zauna da gindinsa tukuna. Haka b da d: a kunne sun bambanta, a ido kuwa ɗaya kamar hoton ɗayan ne a madubi, don haka kada katunansu su haɗu a rana guda.

Akwai kuma abu mai suna biyu. An ɓoye biro don "b", yarinya ta ɗauko ta ce alƙalami. An sa littafi don "l", yaro ya ce takarda. In aka ce masa "ka yi kuskure", sai ya ɗauka kunnensa ne bai ji daidai ba, alhali suna ne aka saɓa a kai. Kafin a ɓoye komai, a ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, aji ya faɗi sunansu tare. Duk abin da aka ji baki ya rabu a kansa, a mayar da shi jaka.

Ga yadda farauta ɗaya za ta kasance a ajin yara 30 da suka riga suka koyi m da s da a. A raba su biyu-biyu, rukuni 15 ke nan. A ajiye kwanduna biyu, ɗaya da katin "m", ɗaya da katin "s". A tanadi kaya 20: takwas na "m" (madubi, murfi, mota ta wasa, makulli, kowanne biyu), takwas na "s" (sabulu, soso, safa, silifa, su ma biyu-biyu), da guda huɗu da ba na kowa ba, kamar hula, jaka, biro da agogo. Waɗannan huɗun su ne ke tilasta wa yaro ya saurara. In babu su, duk abin da ya ɗauko daidai ne, sai dai ya yi canki tsakanin kwanduna biyu. Kada dai a sa zobe a cikinsu, "z" ta yi kusa da "s" da yawa ga mai farawa. Minti uku na faɗin sunayen kaya, minti bakwai na nema, minti biyar na tantancewa, ya isa. A saki rukuni biyar a lokaci guda, sauran su zauna su zama alƙalai.

Ɓoyo mai tsanani ma kuskure ne. In makulli yana can ƙarƙashin tarin littattafai, duk mintunan a laluben za su ƙare. A bar rabin abin a fili, a daidai tsayin idon yaro.

Matsalar tsere ita ce ke cinye masu rauni. In aka ce wanda ya fi tara kaya shi ya ci, yara uku ko huɗu masu zafin nama za su kwashe komai, wanda aka yi wasan dominsa kuwa yana tsaye hannu rabbana. A kafa doka: kowane rukuni abu ɗaya zai ɗauko, kuma ba za a jefa shi a kwando ba sai sun tsaya sun faɗa. Yarinya ta ɗaga soso ta ce, "Soso, sss," ta shafa harafin da ke kan katin da yatsa, sannan ta ajiye. In ta kai shi kwandon "m", kada malama ta yi saurin ɗaukewa. Ta ce, "Faɗi sunansa a hankali. Leɓenki a rufe yake ko a buɗe?" A "mmm" leɓe yana rufe, a "sss" iska ce ke fita ta tsakanin haƙora, kuma yaro yana iya jin bambancin a bakinsa. A lura da wanda kullum abokinsa ne ke magana, a zagaye na gaba shi zai faɗa.

Katunan kansu su zama iri ɗaya: launi ɗaya, ƙananan haruffa manya-manya a rubuce, babu hoto. In katin "m" ja ne na "s" shuɗi, yara launin za su haddace. A riƙa sauya wa kwandunan wuri tsakanin zagaye, don kada su riƙe cewa "m" ita ce ta gefen taga.

Mutane da yawa sukan tsaya da zarar kwanduna sun cika. A nan ne ya kamata a ciro katunan, a ƙara katin "a" guda biyu, a jera s, a, m, a a kan allo, yara su ja sautukan har "sama" ta fito daga bakinsu. A canja katin farko da wata "m", su karanta "mama". Washegari, kafin a kawo sabon sauti, a kira yara biyar ɗaya-ɗaya, a faɗi kalmar da ba ta cikin wasan, kamar "sanda" ko "mage", a ce su nuna katin. In biyu ko fiye sun kasa, a maimaita m da s da sababbin kaya, a ɗage "n" zuwa wata rana.